Hannun Baba Ya Fara Rawa: Abin da Likita Ke Nema a Wasiƙar 'Ya

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Likita. Bayan gaisuwa, na rubuto ne a kan mahaifina, shekararsa 68. Na zo gida hutun Babbar Sallah sai na tarar hannunsa na dama yana rawa, tafiyarsa kuma ta canza. Sau biyu yana faɗuwa cikin wata guda. Shi ya ce tsufa ne, Innarmu ta ce sanyi ne ya kama shi, kawuna kuma ya ce a nemo taimako wajen malamai. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya."

Wannan wasiƙa misali ce da aka tsara daga irin saƙonnin da ke isa hannun likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wani a takarda, wani ta waya, wani ta hannun ɗan uwan da ke aiki a asibiti. Ba abin mamaki ba ne a ce 'yar da ke aure a wani gari ce ta fara lura. Mutanen gida suna ganin dattijo safe da yamma, canjin yana shigowa a hankali har idonsu ya saba da shi. Wadda ta yi wata takwas rabonta da gida kuwa, tana sallama a zaure za ta ga cewa wannan ba Baban da ta bari ba ne.

Likitocin wannan fanni 'yan ƙalilan ne a Nijeriya da Nijar, kuma akasarinsu suna manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai. Kafin a kai gare su sai an samo takardar turawa, an yanki kati, an jira rana. Idan ranar ta zo, mintunan da za a samu ba su da yawa. Shi ya sa abin da 'yar ta rubuta yake da nauyi: babu gwajin jinin yau da kullum da ke nuna cutar Parkinson, kuma hoton ƙwaƙwalwa na si-ti ko em-ar-ai yakan fito lafiya ƙalau ga mai ita. Da labari da ido da hannu likita ke gano ta. Labarin kuwa yana wajen iyali.

Yaushe, kuma da wane sauri

Abin da likita zai fara lalube a wasiƙar lokaci ne. Rana ɗaya abin ya faɗo, ko a hankali ya taso? Da 'yar ta rubuta cewa Baba ya kwanta lafiya ya tashi da tangaɗi, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya sun saki, to wannan ba maganar wasiƙa ba ce. Alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma a ranar ake garzayawa sashen gaggawa. Haka ma idan dattijo ya buge kansa, ko da a ƙofar ɗaki ne ko daga kan babur, sannan bayan 'yan makonni ya fara ciwon kai, yawan barci, ruɗewa da tangal-tangal. Jini kan taru sannu a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da rufinta, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini. Hoton si-ti yana nuna shi sarai, kuma aikin tiyata na fitar da shi yakan dawo da mutum kan ƙafarsa.

A misalinmu babu ko ɗaya. Da 'yar ta koma ta titsiye mahaifiyarta, sai ta ƙara a wasiƙar cewa rawar ta fara tun wajen azumin bara, ɗan kaɗan a babban yatsa, sai dai tafiyar ta lalace sosai ne a cikin wata uku da suka wuce. Likita zai ja layi a ƙarƙashin wannan. Ciwo mai tafiyar hawainiya da ya yi tsalle a wata uku, akwai abin da ya ingiza shi, kuma za a zo kansa.

Me hannun yake yi lokacin da yake rawa

"Hannunsa yana rawa" bayani ne da bai cika ba, domin rawar hannu iri-iri ce, kuma abin da ke raba su shi ne aikin da hannun yake yi a lokacin. Ga yadda 'yar ta bayyana: "Idan yana zaune a kan buzunsa yana sauraron labarai, hannun na kan gwiwa, sai babban yatsa da manuni su riƙa gogar juna kamar mai jan carbi, alhali ba carbi a hannunsa. Amma da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi sai ta lafa. Idan yana tafiya kuma tana dawowa. Hagun ba ya yi."

Wannan sakin layi ɗaya ya fi takardun gwaji goma amfani. Rawar da ke zuwa lokacin da hannu ke hutawa, ta ragu idan an sa shi aiki, ta kuma fara daga ɓari ɗaya, ita ce irin ta cutar Parkinson. Takan kaɗa sau huɗu zuwa shida a daƙiƙa, tana ƙaruwa idan mutum ya shiga damuwa ko yana lissafi a ka, ta kuma ɓace idan barci ya ɗauke shi.

Da labarin ya kasance akasin haka, wato hannu shiru idan yana ajiye, amma da an ɗauki cokali ko ludayin koko sai a yi ta zubarwa, hannu biyun duka, wataƙila har kai da murya suna karkarwa, kuma aka ce ai kakansa ma haka yake, to likita zai karkata ga wata rawar daban wadda ta fi Parkinson yawa a duniya, wadda sau da yawa gadonta ake yi. Mai ita yakan shekara ashirin ko talatin yana fama da kofi da alƙalami ba tare da jikinsa ya yi nauyi ba. Maganinta ma daban ne, kuma ɗaya daga cikinsu, furofaranolol, haɗari ne ga mai asma. Akwai kuma rawar da ke tsananta daidai lokacin da yatsa ya kusa isa inda aka nufa, kamar wajen taɓa hanci ko danna makunnin fitila, wadda ke nuna matsala a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya. Sai ƙananan rawa masu sauri da ke zuwa daga yawan goro da shayi da kofi, ko maganin asma na shaƙa, ko faɗuwar sukari ga mai shan maganin ciwon sukari, ko ƙwayar maƙogwaro da ke aiki fiye da kima. Waɗannan na ƙarshe su ne mafi sauƙin gyara, saboda haka ba a tsallake su.

Duk da haka rawar ba ita ce ginshiƙi ba. Akwai masu Parkinson da ba su taɓa yin rawar hannu ba, kuma babu likitan da zai yanke hukunci sai ya ga nauyin jiki: motsi ya yi sanyi, ya kuma riƙa ƙanƙancewa idan ana maimaita shi. A nan ne 'yar ta fi kowa hujja ba tare da ta sani ba. Ta rubuta cewa Baba, wanda tsohon malamin makaranta ne mai kyakkyawan rubutu, yanzu idan ya fara layi da manyan baƙaƙe sai su yi ta raguwa har ƙarshen layin ya gagara karantuwa. Maɓallin riga yana ɗaukar masa lokaci. Alwala da a da ba ta wuce minti biyu yanzu sai an tayar da iƙama bai gama ba. A masallaci liman yana ɗagowa daga sujada, sahu ya miƙe, shi yana nan yana kokawar tashi. Muryarsa ta yi ƙasa har sai an ce "na'am?" sau biyu. Fuskarsa kuma ta daina motsi, ba murmushi, ba yawan ƙiftawa, har jikoki suna tambaya ko fushi yake yi da su. Ba fushi ba ne. Naman fuska ma ya yi nauyi kamar yadda na hannu ya yi.

Asalin abin yana can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsi ya tashi da wuri, ya kuma fito da girmansa. A cutar Parkinson waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa sannu a hankali, kuma kafin alamun motsi su bayyana kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi. Ma'ana ciwon ya daɗe a gidan kafin a gan shi. Shi ya sa likita zai yi tambayoyin da iyali za su ga kamar ba su da haɗi da hannu. Yana jin ƙamshin turare da na miya kamar da? Yana fama da taurin bayan gida? Yana ihu ko kai naushi da shuri cikin barci, kamar yana aikata abin da yake mafarki? Waɗannan ukun sukan riga rawar hannu da shekaru. Ta ukun 'ya ba za ta sani ba, matarsa ce ta sani, kuma sau da yawa ta daɗe tana ganin abin tana ɗauka aikin iska ne, ko kuma kunya ta hana ta faɗa.

Wani likitan Landan, James Parkinson, shi ya fara bayyana cutar a rubuce a 1817, daga mutum shida, waɗanda wasunsu a kan titi kawai ya gan su. Tun farkonta da ido aka gane ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ke ɗauke da ita. Duk wanda ya kalli ɗan dambe Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa na kaɗawa, ya ga yadda take. Shi an gano masa ita tun 1984, ya kuma rayu da ita har 2016.

Tafiyar, wadda ta fi rawar wuyar fassara

Iyali sun fi tsorata da rawa domin ita ido ke gani. Likita kuwa tafiyar ce ta fi damunsa, domin rawar hannu ba ta karya ƙugu, faɗuwa ce ke karyawa, kuma dattijon da ya karya ƙugu sau da yawa ba ya komawa yadda yake.

Tafiyar mai Parkinson tana da kamanninta. Taku gajeru, ƙafa tana shara ƙasa, jiki ya ɗan sunkuya, hannun ɓarin da ciwon ya fara ba ya lilo. Idan zai juya sai ya yi taku huɗu ko biyar maimakon ya juya a tashi ɗaya. 'Yar ta lura da wani abu mai kyau: ƙasan takalmin Baba na dama ya cinye fiye da na hagu, kuma da asuba tana gane fitarsa masallaci daga sautin jan ƙafa ɗaya. Duk wannan ya dace.

Abin da bai dace ba shi ne faɗuwa biyun. Mai Parkinson na asali ba ya yawan faɗuwa a shekarar farko ko ta biyu, sai ciwon ya yi nisa. Idan faɗuwa ta zo da wuri, likita zai tsaya ya yi tunani biyu: ko dai wata cuta ce mai kama da Parkinson wadda ba ita ba, ko kuwa Parkinson ɗin ce amma akwai wani abu da ya hau kanta. A cikin masu kama da ita akwai wadda ke jawo faɗuwa ta baya da wahalar kallon ƙasa. Akwai wadda ƙananan toshewar hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke haifarwa bayan shekaru ana hawan jini ba a kula ba, wadda ta fi kama ƙafafu ta bar hannuwa, kuma a ƙasar da hawan jini ya zama ruwan dare ba a raina ta. Akwai taruwar ruwa a kogunan ƙwaƙwalwa, mai zuwa da abu uku tare: ƙafa ta riƙa maƙalewa a ƙasa, fitsari ya riƙa kufcewa, mantuwa ta shigo. Ita wannan wani lokaci ana samun sauƙinta da tiyata. Sai matsewar laka a wuya, da kuma mutuwar jijiyoyin tafin ƙafa ga mai ciwon sukari, wanda kan ji kamar a kan auduga yake takawa, tangaɗinsa kuma ya fi tsanani a cikin duhu.

Maganar fitsari ta kawo wata matsala ta gida. Babu dattijon Bahaushe da zai zauna gaban 'yarsa ya ce fitsari na kufce masa. Idan ita kaɗai ta raka shi, amsar da likita zai samu ita ce "lafiya lau, alhamdu lillahi". Mai hikima takan fita ta ba su wuri na ɗan lokaci, ko ta taho da mahaifiyarta ko ƙanen mahaifin. Ya kamata kuma Baba ya san an rubuta wasiƙar, domin jikinsa ne, kuma dattijon da ya ji an kai ƙararsa a bayan idonsa yakan ƙi shan magani don ya nuna har yanzu shi ne mai gidan.

Tambayar da ta fi amfani a kan faɗuwa ita ce yadda aka faɗi. Tuntuɓe ya yi, ƙafa ce ta ƙi ɗagawa, ko duhu ya gani? 'Yar ta bincika. Ta farko da asuba ce, ya tashi daga gado zai kama ruwa. Ta biyu bayan sallar Juma'a, ya miƙe daga dogon zama cikin zafi. Duka biyun ya ce jiri ya ɗebe shi.

Ledar magani

Likita ya amsa wasiƙar a taƙaice: "Malama, ki kawo Baba ranar asibitinmu. Ki zuba duk maganin da yake sha a leda ɗaya, har wanda aka saya a kemis da na gargajiya. Ki kuma ɗauko shi a waya yana zaune, yana tafiya, yana juyawa, ko na rabin minti ne." Bidiyon yana da dalili. Rawa takan ɓuya daidai lokacin da aka shiga ofishin likita, ko kuma ta ninka saboda fargaba.

Da aka zazzage ledar a kan tebur sai ga metfomin na ciwon sukari da ya shekara tara yana sha, ga maganin hawan jini iri biyu, ɗaya mai sa fitsari, sai kuma wani kati da ba ya cikin takardar asibiti: sinarizin, maganin jiri. Wata huɗu da suka wuce ya yi ƙorafin jiri, aka aiki yaro kemis, ya ji daɗinsa, ya ci gaba da sha sau uku a rana ba wanda ya tambaya.

Ga abin da ya ingiza ciwon ke nan. Sinarizin yana cikin magungunan da ke toshe aikin dofamin, kuma an daɗe da sanin cewa yana jawo alamun Parkinson ga tsofaffin da suka daɗe suna sha. Ba shi kaɗai ba ne. Metokulofuramayid da ake bayarwa don tashin zuciya da amai yana yin haka, haka ma wasu magungunan taɓin hankali irin su halofiridol. Mutumin da ƙwaƙwalwarsa ke da isasshen dofamin zai iya shan su bai ji komai ba. Wanda nasa ya riga ya ragu kuwa, ƙaramin toshewa ya isa ya durƙusar da shi. A ganin mai wannan rubutu, babu layin da ya fi muhimmanci a irin wannan wasiƙa kamar jerin magunguna, kuma shi ne aka fi mantawa, domin mutane ba sa lissafa abin da suka saya da kansu a matsayin magani.

Gwajin da likita ya yi ba ya buƙatar na'ura mai tsada. "Baba, ku haɗa babban yatsa da manuni, ku buɗe sosai, ku yi ta yi da sauri." Hagu ya yi sumul. Dama ya fara da kyau, kafin ya kai goma buɗewar ta ƙanƙance, ya riƙa tsayawa. Likita ya lanƙwasa masa wuyan hannu da gwiwar hannu ya ji tauri mai zuwa daki-daki, ya fi yawa a dama. Ya sa shi tashi daga kujera hannu a ƙirji, ya bi shi da kallo a baranda, ya duba motsin idonsa sama da ƙasa ya ga ba matsala. Ya taɓa tafin ƙafa da yatsu ya tarar ji ya ragu a duka biyun. Daga nan ya auna jininsa yana kwance, 150 bisa 90, ya tsayar da shi ya sake aunawa cikin minti uku, 122 bisa 80. Ƙa'idar ita ce idan na sama ya faɗi da 20 ko na ƙasa da 10 bayan an miƙe, jinin yana faɗuwa fiye da kima. Na Baba ya faɗi da 28.

Sai zaren ya warware. Jirin daga faɗuwar jini yake idan ya miƙe, abin da Parkinson kanta ke jawowa, ciwon sukari ke ƙarawa, maganin sa fitsari da zafin gari kuma su cika. Sinarizin bai taɓa asalin jirin ba, sai ma ya ƙara masa nauyin ƙafa. Ragin ji a tafin ƙafa ya sa aka auna bitamin B12, wanda daɗewa a kan metfomin kan rage, aka kuwa same shi ƙasa. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwa saboda faɗuwar, bai nuna taruwar jini ko ruwa ba.

Likita bai rubuta maganin Parkinson a ranar ba, kuma 'yar ta fita ranta bai so ba, don ta yi tsammanin bayan wannan doguwar tafiya za a ba su wani abu. Abin da ya yi shi ne cire sinarizin, sauya maganin sa fitsarin, fara allurar B12, da umartar Baba ya riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, ya kuma ƙara shan ruwa. Alamun da magani ya jawo sukan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin su washe, kuma sai sun washe ake ganin abin da ya rage a ƙasa. Bayan wata uku jiri ya tafi, bai sake faɗuwa ba, takunsa ya ƙaru. Amma rawar hannun dama tana nan, rubutu bai dawo ba, hannun bai koma lilo ba. Dama tun farko likita ya zaci haka, saboda rawar ta riga sinarizin zuwa, kuma abin da magani kaɗai ya jawo ya fi kama ɓari biyu tare.

Maganin da sharuɗɗansa

Babban maganin cutar shi ne lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi, kuma har yau ba a sami wanda ya fi shi ba. Ana haɗa shi da kabidofa, mai tsare shi kada jiki ya sarrafa shi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Akan fara da kaɗan, kamar rabin ƙwaya mai miligiram 100 da 25, a riƙa ƙarawa har a kai ƙwaya ɗaya sau uku a rana ko yadda jiki ya nuna. Ba ya warkar da cutar, ba ya kuma hana ta ci gaba. Abin da yake yi shi ne mayar wa mutum motsinsa, kuma nauyi da tauri sun fi jin sa fiye da rawa. Yadda mutum ya karɓe shi ma shaida ce: idan an kai ma'aunin da ya dace ba a ga komai ba, sai a sake duba ko Parkinson ɗin ce.

Ranar da aka fara shi likita ya ja kunnen 'yar a kan kantin magani. Akwai mai 250 da 25 a kasuwa, kuma mai kemis zai ce a raba shi biyu ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, domin rabin ƙwayar ya rage kabidofa zuwa 12.5, tashin zuciya kuma ya fi yawa. Idan tashin zuciyar ya zo, kuskuren da ake yi shi ne a sayo metokulofuramayid, a koma gidan jiya. Sai kuma benzekzol, ƙwayar nan da wasu matasa suka mayar kayan maye. Yana da arha, yana rage rawa, shi ya sa ake yawan rubuta shi, amma ga mai shekara 68 yakan kawo ruɗewa, gane-gane, taurin bayan gida da riƙewar fitsari.

Wasu iyalai suna jinkirta lebodofa don sun ji an ce ƙarfinsa yana ƙarewa bayan 'yan shekaru, gara a ajiye shi sai abu ya yi tsanani. Gaskiya ne cewa bayan shekaru amfanin kowace ƙwaya yana gajarta, wasu kuma suna samun motsin mutsu-mutsu da ba su yi niyya ba. Amma wani binciken da aka buga a 2014, wanda ya kwatanta marasa lafiya a Gana, waɗanda suka daɗe kafin su sami maganin, da na Italiya da suka samu da wuri, ya nuna cewa waɗannan matsaloli sun fi bin daɗewar cutar da yawan abin da ake sha a rana, ba ranar da aka fara sha ba. Wanda ya jinkirta, shekarun da zai mora ya yi asara kawai.

Abinci ma yana da hannu. Lebodofa yana gogayya da abinci mai gina jiki wajen shiga jini da ƙwaƙwalwa, don haka idan aka kora shi da fura da nono, ko aka sha shi a kan ƙosai, wake ko tsire, ga wasu ƙarfinsa yana raguwa. An fi so a sha shi rabin awa kafin abinci ko awa ɗaya bayansa, a kuma raba shi da ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe. A tsakar gida aka ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, aka sa fitila a hanyar makewayi, aka kafa ƙarfen riƙewa a bangonsa, aka maye silifas da takalmi mai kama dunduniya. Masu gashin ƙashi da motsa jiki na asibitin sun koya masa taku mai faɗi da ƙirga "ɗaya, biyu" idan ƙafa ta maƙale a bakin ƙofa, kuma tafiyar masallaci sau biyar, muddin da ɗan rakiya da asuba, motsa jiki ce da likita ya ce kada a hana shi.

Saura azumi, wanda Baba da kansa ya tayar da maganarsa tun watan Rajab. Maganin da ake sha sau uku a rana ba ya shiga tsakanin sahur da buɗa-baki ba tare da an sake tsari ba, ga kuma ƙishirwa da ke ƙara faɗuwar jini, ga ciwon sukari. Likita ya ce su zo kafin Sha'aban ya ƙare a zauna a duba, Baba kuma ya tuntuɓi malaminsa kan rangwamen da aka yi wa marar lafiya. Abu ɗaya ne ya ce babu sassauci a kansa: kada a yanke lebodofa rana ɗaya, ko don azumi, ko don kuɗi sun yanke, ko don an kwantar da shi a wani asibiti an manta. Yankewar farat ɗaya tana iya jawo sandarewar jiki da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. Ya sa 'yar ta rubuta sunan maganin da ma'auninsa da lokutan shansa a ƙaramin kati da zai zauna a aljihun Baba, ta kuma riƙa sayen na wata mai zuwa tun saura mako biyu na hannu ya ƙare.